Takardar Jagora ga Manoman Lambu: Yadda Ake Gane Ɓarnar Tsutsa, Darɓa da Farin Ƙuda a Jikin Ganye

Assalamu alaikum. An rubuta wannan takarda domin 'yan ƙungiyarmu masu noman rani a bakin kogin Dilimi da wajen Naraguta, da kuma masu ban ruwa daga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos. Dalilin rubuta ta shi ne abin da na gani a zagayen makon jiya: wani ɗan'uwanmu ya yi wa kabejinsa feshi har sau uku da maganin tsutsa, alhali babu tsutsa ko ɗaya a fangalin, darɓa ce ta cika bayan ganyen. Kuɗin maganin ya tafi, kabejin bai murmure ba, kuma wannan asara ta dame ni ƙwarai, domin da ya juya ganye ɗaya ya duba da bai yi ta ba.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, ƙwarin nan uku ba iri ɗaya suke cin abinci ba. Tsutsa tana da bakin tauna, saboda haka duk inda ta ci sai an ga wani sashe na ganyen ya ɓace. Darɓa da farin ƙuda kuwa ba su iya tauna, wani siririn baki gare su mai kama da allura wanda suke soka wa ganye su tsotsi ruwansa, don haka ba sa barin huji ko kaɗan, sai dai ganyen ya nannaɗe, ya yi rawaya, ya yi danƙo. Idan ka ga huji, nemi mai tauna. Idan ka ga nannaɗewa da danƙo ba huji, nemi mai tsotsa. Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne da sassafe, kafin rana ta ɗaga, kuma a duba bayan ganye, domin can ne mazauninsu.

Huji kaɗai ba ya tabbatar da tsutsa. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce kashinta, wasu 'yan ƙwayoyi kore ko baƙaƙe da ake samu a kan ganyen da ke ƙasa da wanda aka ci, ko a lungun da ganye ya haɗu da kara. Idan kashin ɗanye ne, tsutsar tana nan kusa. Idan ya bushe kuma bakin hujin ya yi ruwan ƙasa, ɓarnar tsohuwa ce, mai yiwuwa tsutsar ta riga ta rikiɗa ta tashi, feshi a lokacin ba shi da amfani.

A kan kabeji, wadda ta fi wahalar da mu a wannan tsauni ita ce wata ƙaramar koriyar tsutsa da tsawonta bai fi santimita ɗaya ba. Tana ci ne daga bayan ganye ta bar siririyar fatar sama, sai wurin ya zama kamar an liƙa farar leda, idan aka ɗaga ganyen ga hasken rana ana hango haske ta cikinsa. Daga baya fatar ta bushe ta yage, ganyen ya koma kamar rariya. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ta: idan aka taɓa ta da tsinke sai ta yi ta mutsu-mutsu da sauri tana ja da baya, ta faɗo daga ganyen tana reto a jikin zare. Wannan tsutsa ta yi suna a duniya wajen sabawa da magani, shi ya sa wanda ya nace wa magani iri ɗaya kaka bayan kaka yakan ga ya daina ci. Akwai kuma wata da ke shiga zuciyar kabeji tun yana ƙarami, ta saƙa yana ta haɗa da kashinta. Idan ta cinye tohon tsakiya, kabejin ba zai ƙulla kai ɗaya ba, sai ya fito da 'yan kawuna barkatai waɗanda babu dillalin da zai saya a kasuwar Farin Gada.

A kan tumatir al'amarin ya ɗan bambanta. Tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Arewa a shekarar 2016, ba ta huda ganye, shiga take yi tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta cinye naman, sai a ga wani faffaɗan tabo fari-fari da baƙin kashi tare a cikinsa. Babbar tsutsar da ke huda 'ya'yan tumatir kuwa ana samun ta kanta a ciki, rabin jikinta a waje. Idan kuma aka wayi gari dashe ya faɗi, an datse shi daidai ƙasa kamar da wuƙa, a tona gindinsa da yatsa, za a samu tsutsa mai launin toka a naɗe, domin da dare take fitowa.

Kada a ɗora wa tsutsa laifin wasu. Fara takan ci daga gefen ganye. 'Yan mitsi-mitsin huji zagayayyu da ake gani a ganyen kuɓewa aikin wasu ƙananan ƙwari ne masu tsalle, dodon koɗi kuma yakan bar sawun yauƙi mai sheƙi a kan latas.

Darɓa ita ce ta fi buƙatar haƙurin dubawa, domin ta kan yi nisa kafin mai lambu ya farga. Ƙwaro ne mai taushin jiki, girmansa kamar ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka, kuma ba ya zama shi kaɗai, a cunkushe ake samun su a kan sabon toho da bayan ƙananan ganye. Ta kabeji launin toka gare ta kamar an barbaɗa mata gari, ta tattasai da attaruhu koriya ce, ta wake kuma baƙa. Idan aka ɗauki hotonta da waya aka buɗa hoton, za a ga wasu 'yan ƙahoni biyu a ƙarshen bayanta, wannan alama ce da ta keɓanta da ita. Macen ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin kamar mako ɗaya sun fara haihuwa, saboda haka 'yan ƙalilan ɗin da aka raina yau su ne za su rufe fangalin bayan mako biyu ko uku, musamman a sanyin hunturun Jos da babu ruwan sama mai wanke su.

Ganyen da darɓa ta tsotsa yakan duƙunƙune, mafi yawa gefunansa su lanƙwashe ƙasa su rufe ƙwarin a ciki, tohon kuma ya tsumbure. Ruwan da take tsotsa yana da zaƙi fiye da buƙatarta, sai ta fitar da ragowar ta baya ya zubo kan ganyen ƙasa, shi ne danƙon nan mai sheƙi da ke kama yatsa. Daga baya wata baƙar fumfuna ta tsiro a kan danƙon, ganyen ya zama kamar kunkunniya ta zuba masa. Mutane da yawa suna ɗaukar baƙin nan wata cuta ce ta daban, su je sayen maganinta. A goga shi da jiƙaƙƙen yatsa: idan ya fita aka ga koren ganye lafiya lau a ƙarƙashi, to ba cikin ganyen yake ba, a ɗaga kai a duba ganyen da ke sama, can mai laifin yake. Illarsa ita ce yana tare wa ganye hasken rana, yana kuma zubar da darajar kaya a kasuwa. Haka nan idan aka ga kiyashi ko tururuwa suna hawa da sauka a jikin kara, a bi su da ido, zaƙin nan suke zuwa sha, har suna korar ƙwarin da ke cin darɓar.

Waɗannan masu cin darɓa ya kamata kowa ya san su, domin ina ganin ana kashe su bisa kuskure. Akwai ɗan ƙwaro zagayayye, ja ko ruwan lemo mai ɗigon baƙi, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu. Idan kuma aka ga wasu daga cikin darɓar sun kumbura, sun bushe, sun yi ruwan ƙasa, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsu. Fangalin da ke da irin waɗannan da yawa, a ganina, a ba shi kwana uku a sake dubawa kafin a taɓa famfon feshi.

Farin ƙuda shi ma yana barin danƙo da baƙin fumfuna, don haka danƙo ba ya raba shi da darɓa. Abin da ke raba su shi ne girgiza. A kaɗa shukar da hannu: idan wasu fararen abubuwa suka tashi kamar ƙura suka sake sauka, farin ƙuda ne; idan fararen abubuwan suka zauna ba motsi, saɓar darɓa ce da ta tuɓe. Girmansa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Manyan sun fi son ganyen sama, 'ya'yan kuma suna manne a bayan tsofaffin ganye, shafaffu kamar ɓawon kifi, ba sa tafiya. Ya fi damun tumatir, yalo, kuɓewa, kokwamba da wake, kuma yana ƙaruwa ne idan zafi ya shigo wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Ɗan faifan roba mai launin rawaya da aka shafa wa man giris aka kafa daidai tsayin shuka yakan nuna zuwansa da wuri, domin launin yana jan sa.

Tsotsarsa ba ita ce babbar masifar ba, cutar da yake ɗaukowa daga wannan shuka zuwa waccan ita ce. A tumatir, sabbin ganye sai su fito ƙanana, gefunansu su lanƙwashe sama kamar cokali, bakinsu ya yi rawaya, shukar ta tsaya cak, fure ya riƙa zubewa. Alamar ba ta bayyana sai bayan mako biyu zuwa uku da kamuwa, shi ya sa tumatir da yawa tun daga gadon reno suke ɗauko ta, mai shi bai sani ba sai bayan dashe. Babu maganin feshi da ke warkar da shukar da ta kamu. A tuge ta, a sa a buhu, a fitar da ita daga lambun, kada a yar a bakin kwata.

Sai dai ba duk nannaɗewa ce cutar nan ba. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama, suna nan kore shar da kaurinsu, shukar kuma tana ci gaba da girma, wannan yawanci zafi ne ko rashin daidaiton ban ruwa. Idan kuma toho ya murɗe ya yi siriri a layi guda bayan feshi, a tambayi wanda aka ari famfon a wurinsa ko ya zuba maganin ciyawa a ciki.

A kowane fangali a zaɓi shuka goma daga wurare daban-daban, har da na gefe, a juya ganye uku a kowace, na sama da na tsakiya da na ƙasa, sau biyu a mako. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya tsinko ganyen da ƙwaron a jikinsa, ya ƙulle a farar leda, ya zo da shi taronmu na ranar Asabar bayan la'asar, tare da kwalbar duk maganin da ya riga ya fesa.

Daga malamin gona na ƙungiya, Jos.