Tsarin Zango na Ɗaya na Shirin "Makullin Sito"

Zuwa ga Darakta da Furodusa, daga ɗakin rubutu.

Ranku ya daɗe, ga yadda muka shimfiɗa zangon: kashi 12, kowanne minti 45, ana saki duk daren Juma'a.

Labarin ya fara da rasuwar Alhaji Sule Mai Riɗi, babban dillali a kasuwar Dawanau. Ya bar mata biyu, Hajiya Babba da amarya Rabi, da 'ya'ya biyu, Nasiru da Jidda. Ranar sadakar uku aka buɗe sitonsa da kowa ya san buhu 600 na riɗi ke ciki, aka tarar ko tsintsiya babu, kwaɗo kuma lafiya lau. Wa ya buɗe? Tambayar da za ta ja mu har kashi na 12 ke nan, kuma Jidda ce ke bin sawunta. Lokacinmu takabar matan ce, wata huɗu da kwana goma, don haka mai kallo zai riƙa jin kwana na ƙurewa ba sai an faɗa masa ba.

Kashi na 1 da na 2 na shimfiɗa ne: jana'iza, zaman makoki, buɗe sito. A yanke na 1 a fuskar Nasiru yana haska fitilar waya cikin duhun sito. A yanke na 2 lokacin da Baffa Tanko, ƙanen mamaci, ya ce makulli uku ne ba biyu ba.

Na 3 mai zaman kansa ne. Yini guda muke bin Ɗanliti, yaron shago, daga lodin mota da asuba har cin bashin garau-garau da dare. Wanda bai ga na baya ba zai fahimta ya yi dariya. Abu ɗaya kawai zai ɗauka zuwa gaba: Ɗanliti na ɓoye wani littafin lissafi a ƙarƙashin sikeli.

A na 4 da na 5 masu bin bashi ke sallama, zargi ya koma kan Nasiru saboda sabuwar motarsa.

Na 6 shi ne tsakiyar zango, a nan muke so a kashe kuɗi. An zauna gaban alƙali za a raba abin da ya rage, an fitar da tumunin matan, sai Rabi, wadda ba ta yi magana mai tsawo ba tun kashi na 1, ta ce tana da juna biyu. A mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo sai an haihu, ita kuma iddarta sai ta sauka. Kada a sa kiɗa a wurin nan, Darakta. Ƙarar fanka ta isa, da Hajiya Babba tana jan carbi ta tsaya cak. A yanke. Mun ba wani malamin gado ya duba fitowar, kada a taɓa kalaman alƙali a lokeshan.

Na 7 da na 9 su ma masu zaman kansu ne. Na 7 bikin 'yar maƙwabta ne da matan gida ba su da damar zuwa, suna jiyo kiɗan ƙwarya ta katanga. Na 9 ya koma baya shekara 20, Alhaji yana ɗan dako. Furodusa ya so a cire na 9 don tsadar kaya, mu dai ba mu yarda ba, domin in ba a ga wahalarsa ba babu wanda zai yafe masa a ƙarshe. Na 8 da ke tsakaninsu Jidda ce ke samun littafin, ta ga sunayen manoman Gumel da Maigatari, a yanke tana hawa motar Jigawa ba da sanin kowa ba.

Na 10 da na 11 gudu ne babu hutu. Riɗin ashe amanar manoma ce, ba dukiyar Alhaji ba. Baffa Tanko ya yi niyyar sayarwa, an kama Ɗanliti bisa ƙarar da Baffan ya kai. Kada a yanke kowane kashi da suma ko hatsarin mota, masu kallo sun gaji; na 11 ya ƙare da Hajiya Babba tana kwance bakin zaninta, makulli na uku ya faɗo.

Na 12 dole ya biya bashin da muka ci. Hajiya Babba ce ta ba Ɗanliti makulli daren rasuwa, bisa umarnin mijinta, aka mayar wa manoma kayansu. An saki Ɗanliti, Hajiya ta fita takaba, Rabi na nan da cikinta. Minti biyu na ƙarshe liman ya kawo takardar wasiyya: sulusin dukiya na Ɗanliti ne. Babu wasiyya ga magaji, to shi mene ne a wurin Alhaji? Nan zango na biyu zai ɗora.

A ɗauki duk fitowar Dawanau a jere kafin damina, a kuma miƙa labarin ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kafin a kira 'yan wasa.