Shawara kan aikin matsar man gyaɗa: kada a zuba kuɗin

Damagaram, 14 ga Janairu 2025

Zuwa ga Shugaban Kamfani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na kammala lissafin da ka sa ni kan injin matsar man gyaɗa da ake son kafawa a filinmu na hanyar Magarya. Shawarata ita ce a ƙi aikin yadda yake a yanzu. NPV ɗinsa, wato abin da zai bar mana idan an mayar da komai kuɗin yau, ya faɗi ƙasa da sifiri da kusan sefa miliyan 11.

Za mu fitar da miliyan 180 tun ranar farko: 120 na injuna da gurup, 35 na gini, 25 na sayen gyaɗar farko da biyan ma'aikata kafin ciniki ya kankama. Abin da zai shigo bayan an cire kashe-kashe da harajin riba na kashi 30 cikin 100 shi ne miliyan 20 a shekarar farko, 30 a ta biyu, sannan 38 kowace shekara daga ta uku zuwa ta bakwai. A ƙarshe na ƙara 40, kuɗin juyi da zai dawo da abin da tsofaffin injuna za su yi a kasuwa. Jimla miliyan 280.

Na san wannan 280 ɗin ne ya burge ƴan kwamiti a zaman da ya wuce, har aka ce riba miliyan 100 ce a fili. Sai dai miliyan 38 da za ta zo bayan shekara bakwai, yau darajarta 17 ce da ƴan kai, domin kuɗin da za mu zuba ba kyauta muka same su ba. Idan aka haɗa ruwan bashin banki da abin da masu hannun jari ke jira, suna cin mu kashi 12 cikin 100 a shekara. Da wannan na auna, kamar yadda yake a teburin da na haɗo maka, inda VAN shi ne NPV da Faransanci, C5 zuwa I5 kuɗin shekaru bakwai ne, B5 kuma -180 da za mu fitar:

```
=VAN(12%;C5:I5)+B5
```

Miliyan 280 ta koma 169,1. A cire 180, saura giɓin 10,9. Ainihin ribar aikin ba ta wuce kashi 10,4 a shekara ba, uwar kuɗin kuma sai an shiga shekara ta shida za ta dawo.

Za a iya cewa giɓin kaɗan ne, a rufe ido. Da zan yarda in da na tsananta a lissafin, amma sassauci na yi. Na ɗauki alkaluman masu kawo aikin yadda suka ba ni: injin zai yi wata goma yana aiki, gyaɗa kuma za ta tsaya a farashin kaka. Duk wanda ya taɓa saye a Matamai ko Kance ya san ba haka take ba. Da kaka tiya tana araha, kafin bazara ta hau, ga ƴan kasuwar Kano suna ɗiba. Ko dai mu saye ta shekara guda lokaci ɗaya, wanda miliyan 25 ba za ta isa ba, ko mu bi kasuwa tana hawa. Na gwada: idan tsadar gyaɗa ta rage mana miliyan 5 kacal a shekara, giɓin ya kai kusan miliyan 34.

Ga wuta kuma. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, da Najeriya ta yanke layin da ke ba ƙasar nan lantarki. Kowace awa da injin zai yi a kan gurup, gazuwal ne ke cin ribar. Ta wajen sayarwa ma, duk lokacin da naira ta faɗi, man da ke tsallako iyaka yana yin araha a kasuwar Dole, mu kuwa da sefa muke biyan komai.

Miliyan 4 da aka riga aka kashe wajen binciken farko ban sa su a lissafi ba. Sun tafi, ko an yi aikin ko ba a yi ba.

Abin da zai sa in sake duba takardun biyu ne: mai sayar da injuna ya rage aƙalla miliyan 11, ko a samu rubutacciyar yarjejeniya da masu kiwo kan tunkuza wadda za ta ƙara mana fiye da miliyan 2,4 a shekara. Ko da hakan ta samu, kunnen doki kawai muka yi, matsalar gyaɗa da wuta tana nan.

Ina roƙon kada a sa hannu a takardar odar injunan da ke jiran amsarmu ranar 31 ga wata. Idan kana so, zan zo ofis ranar Alhamis da safe mu bi teburin layi-layi kafin zaman kwamiti.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Mai nazarin zuba jari, sashen kuɗi