Neman Izinin Kafa Ƙungiyar Wasa Ƙwaƙwalwa

Sashen Lissafi,
13 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izininka, ranka ya daɗe, na kafa ƙungiyar wasa ƙwaƙwalwa wadda za ta riƙa zama kowace Laraba, daga ƙarfe biyu da rabi zuwa uku da rabi, bayan an tashi daga makaranta an yi sallar Azahar.

Abin da ya sa na kawo wannan buƙata shi ne, da yawa daga cikin ɗalibanmu sun iya haddace ƙa'idar lissafi, amma da zarar an sauya wa tambaya fuska, ko aka ce su faɗi dalilin amsarsu, sai su yi shiru. Wannan rauni yana cutar da su a jarrabawar WAEC da NECO, kuma minti arba'in na darasi ba ya isa a tsaya a kan matsala ɗaya har yaro ya gano hanyarta da kansa, domin manhaja tana jiranmu.

Za mu fara da abin da suka sani tun daga gida, wato mutumin nan da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da ɗaya tare da shi. Daga nan sai hatimin lissafi mai gida tara, inda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ina so ƙwarai yaranmu su san cewa malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina irin wannan hatimi, don kada su ɗauka ilimin baƙo ne a gare mu. Sudoku, wasan cike gidajen da babu komai a cikinsu da lambobi, zai biyo baya. Dokar zaman guda ce: ba a karɓar amsa sai mai ita ya fito gaban allo ya gamsar da 'yan'uwansa.

Abin da muke buƙata kaɗan ne: ɗakin karatu guda, da alli, da izinin buga takarda guda a ofis kowane mako. Ba za a karɓi ko sisi daga ɗalibai ba. Zan fara da yara talatin daga aji huɗu da aji biyar, maza da mata, kowa da rubutacciyar amincewar iyayensa, kuma wata malama daga sashenmu ta yarda ta riƙa zama tare da mu saboda 'yan mata.

Ina roƙon a ba mu wannan zango a matsayin gwaji, a ƙarshensa in kawo maka rajistar halarta da rahoton abin da aka yi, sai ka yanke hukuncin ci gaba ko dakatarwa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Aminu Garba,
Malamin Lissafi.