Firintar bene na farko: tana ƙin aiki kowace safiya

Assalamu alaikum Injiniya, da sauran ma'aikatan sashen kwamfuta. Barkanku da aiki.

Maganar firintar nan ce ta bene na farko, wadda mu 'yan sashen kuɗi muke amfani da ita tare da rajista da sito. Na san sau biyu kun turo yaro ya duba ta, kuma duk sau biyun ya tarar tana aiki lafiya lau. Ba laifinsa ba ne, bayan azahar ya zo. Matsalar ta safe ce, shi ya sa na zauna na rubuto muku yadda take.

Yau kwana tara na aiki ina lura. Da ƙarfe 8:00 maigadi yake tayar da janareto, komai ya kama a lokaci guda. Firintar takan kunnu, ta yi ɗumi, fitilarta ta zama koriya, ƙaramin allonta ya nuna Ready. Amma duk wanda ya tura takarda daga kwamfutarsa, sai ta maƙale a layi, Windows ya nuna Offline. Kwamfutoci shida ne, duk abu ɗaya. Haka za ta zauna har sai wani ya kashe ta ya sake kunnawa. In an yi haka da wajen 8:20 ko bayan nan, nan take take farfaɗowa, sai ta shiga aman duk abin da aka tara mata. Da yake kowa ya danna sau uku ko huɗu don haushi, ranar Litinin takarda 41 na kwashe, baucan albashi ɗaya ya fito sau biyar. Daga nan kuma har a tashi ba ta sake yin gardama.

Takarda da tona ba su ne ba, na duba. Na buɗe rim sabo, babu takardar da ta maƙale a ciki, kuma hoton takarda tana yin sa tun 8:05 ba tare da matsala ba. Na canza wayar da ta haɗa ta da bango da wata da na aro a rajista, ba abin da ya sauya. Ranar Talata na jona ta kai tsaye da laftof ɗina ta wayar USB, ta buga nan take, alhali sauran suna ganin Offline. A kwamfutata na sake tayar da Print Spooler na share layin, shi ma bai yi magani ba.

Abin da na fi so ku duba shi ne wannan. Na fitar da takardar bayanin saitinta daga jikinta da ƙarfe 8:10, adireshin da ta nuna ya fara da 169.254. Bayan na kashe na kunna, na sake fitarwa, sai ga 192.168.1.45, wanda shi ne kwamfutocinmu suke nema. Kafin in kashe ta na gwada wannan:

```
ping 192.168.1.45
```

Amsar da na samu ita ce Destination host unreachable. Bayan kunnawa kuwa duk amsoshin ping huɗun suka dawo. Takardun biyu suna kan teburina, na rubuta lokaci a kan kowace.

Rana ɗaya ce kawai ta tashi lafiya, Alhamis ɗin da ta wuce. A ranar wutar gari ta kwana, kuma aka manta ba a kashe babban makunni ba, don haka rawutar da ke ofishinku ba ta mutu ba. Wannan ne ya sa nake zaton firintar tana riga rawuta tashi, ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta ba kanta nata. Ku ne masana, amma in haka ne, ko za a kafa mata adireshi na dindindin, ko a sa wa rawutar batirin ajiyar wuta?

Na damu da abin ne saboda direbobinmu masu zuwa Talata Mafara da Ƙaura Namoda. Ba sa tashi daga Gusau sai da takardar fitar da kaya a hannu, kuma kun san kowa yana so ya je ya dawo da sauran rana. Jiya ina mitin, ba wanda ya tuna da kashewa da kunnawa, Baba direba ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu har 9:30, bai ce komai ba. Wallahi na ji nauyinsa.

Roƙona, don Allah wani daga cikinku ya zo gobe da ƙarfe 7:45, kafin a tayar da janareto, ya gani da idonsa. Na riga na gaya wa kowa kada ya taɓa ta sai kun iso. Zan zo da wuri in buɗe ofis.

Na gode, Allah ya taimaka.

Akawun sashen kuɗi, bene na farko