Buƙatar Mayar da Ikon Shafin Kamfaninmu na Facebook

Jidda, 14 ga Maris, 2024

Zuwa ga Sashen Kula da Shafukan Kasuwanci, Meta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne manajan wani kamfani da ke hidimar masauki da mota ga alhazai da masu Umara, a nan Jidda. Shafinmu na Facebook wani ma'aikacinmu ne ya buɗe shi a 2019 da asusunsa na ƙashin kansa, mu kuma muka yi sakaci, ba mu ƙara kowa a Business Suite ba. Ya ajiye aiki a watan Janairu ya koma gida Kano, lafiya lau muka rabu, sai dai layin Saudiyya da ake turo masa lambar shiga ya riga ya mutu, shi kansa ya kasa buɗewa.

Ga azumi ya kama, lokacin da masu Umara suka fi yawa, saƙonninsu na ta taruwa babu mai amsawa. Shi ya sa muke roƙon ku mayar da cikakken ikon shafin zuwa asusuna.

Na haɗo da takardar rajistar kamfani, hoton igamata, da takardar amincewa da shi tsohon ma'aikacin ya sa wa hannu.

Ku huta lafiya.

Naku,
Alhaji Sani Bala
Manaja