Halifanci a Matsayin Tsarin Mulki: Daga Madina Zuwa Istanbul

Lokacin da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi wafati a shekarar 632, al'ummar Madina ta fuskanci tambayar wanda zai riƙe ragamar jama'a bayansa, kuma ta wace hanya za a zaɓe shi. A taron da aka yi a Saƙifar Banu Sa'ida, bayan muhawara tsakanin Muhajirai da Ansaru, aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a. Aikinsa ya haɗa da limancin salla, da karɓar zakka, da tura runduna, da yanke hukunci, amma wahayi ya riga ya ƙare, saboda haka ya zama mai tsare shari'ar da ya tarar, ba shi da ikon kawo sabuwa. Yaƙoƙin ridda da ya yi da ƙabilun da suka hana zakka su ne suka tabbatar da cewa biyayyar da Larabawa suka yi wa Madina ba ta ƙare da wafatin Annabi ba.

Halifofin nan huɗu na farko kowannensu ta hanya dabam ya hau. Abubakar ya yi wasiyya da Umar, Umar ya bar zaɓen a hannun mutum shida waɗanda suka fitar da Usmanu, shi kuwa Aliyu an yi masa mubaya'a ne a cikin rikicin da ya biyo bayan kisan Usmanu a 656. A ganina wannan rashin tsayayyar ƙa'idar gado shi ne tushen mafi yawan fitintinun da suka biyo baya. A zamanin Umar ne muƙamin ya fara zama gwamnati sosai, domin shi ne ya kafa diwanin da ake rubuta sunayen mayaƙa da albashinsu, ya tsayar da kalandar hijira, ya naɗa alƙalai da gwamnoni, aka kuma gina garuruwan sojoji irin su Basra da Kufa da Fusɗaɗ. A lokacinsa ne kuma laƙabin Amirul Muminina ya zauna.

Mu'awiya ya karɓi mulki a 661, ya mai da hedikwata Dimashƙa, sannan ya nemi a yi wa ɗansa Yazidu mubaya'a tun yana raye. Daga nan halifanci ya koma gadon gida, ko da yake ba a taɓa barin mubaya'a ba. Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, ya mai da Larabci harshen ofisoshin gwamnati a madadin Girkanci da Farisanci, ya kuma buga dinari na Musulunci. Abbasiyawa da suka kifar da Umayyawa a 750 sun ƙara wa tsarin girma: Mansur ya gina Bagadaza a 762, muƙamin waziri ya ƙarfafa, aka sami alƙalin alƙalai, aka kuma faɗaɗa ofishin wasiƙu wanda ke kawo wa halifa labarin abin da gwamnoninsa ke yi. Sai dai fassara shari'a ta zauna a hannun malamai. Halifa Ma'amun ya yi ƙoƙarin tilasta musu aƙidar cewa Alƙur'ani halitta ne tun daga 833, Imamu Ahmad ɗan Hambali ya ƙi, ya sha ɗauri da bulala, kuma daga ƙarshe fadar ce ta janye a zamanin Mutawakkil.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin wannan muƙami shi ne yadda iko ya rabu da suna, sunan kuma ya ci gaba da rayuwa ƙarni bayan ƙarni. Sojojin Turkawa da Mu'utasim ya tara sun kai ga naɗa halifofi da tuɓe su, har da kashe wasu. A 945 Buwaihawa, waɗanda 'yan Shi'a ne, suka shiga Bagadaza suka riƙe baitulmali da runduna, amma ba su kawar da halifa ba, domin suna bukatar takardar naɗi daga hannunsa, sunansa kuma ya ci gaba da fitowa a huɗubar Juma'a da jikin kuɗi. Saljuƙawa da suka zo a 1055 su ma haka suka yi, sarkinsu yana sultan, halifa yana halatta masa mulki. A cikin wannan yanayi ne Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya rubuta littafinsa kan hukunce-hukuncen mulki, inda ya lissafa sharuɗɗan halifa, kamar adalci da ilimi da lafiyar gaɓɓai da kasancewa Baƙuraishe, sannan ya yarda cewa wanda ya ƙwace wani yanki da ƙarfi ana iya halatta masa shi muddin zai tsayar da shari'a ya kuma amince da halifa.

Kaɗaicin halifa ma bai ɗore ba. A ƙarni na goma an sami uku a lokaci guda: na Abbasiyawa a Bagadaza, da na Faɗimiyawa da suka yi shela a Arewacin Afirka a 909 suka gina Alƙahira bayan 969, da Abdurrahman na Uku da ya ɗauki laƙabin a Kurɗuba ta Andalus a 929. Na Andalus ya ƙare a 1031, na Faɗimiyawa kuma Salahuddin ya kawo ƙarshensa a 1171.

A 1258 Hulagu, jagoran Mongolawa, ya ci Bagadaza ya kashe Halifa Musta'asim. Bayan shekara uku Sultan Baibars ya naɗa wani daga zuriyar Abbas a Alƙahira, kuma waɗannan halifofi sun zauna a ƙarƙashin Mamlukawa ba ƙasa ba runduna har Salim na Ɗaya, sarkin Usmaniyya, ya ci Masar a 1517. Daga lokacin sarakunan Usmaniyya suka zama masu hidimar Haramai biyu, suna kuma amfani da laƙabin halifa cikin sauran laƙubbansu, duk da cewa ba Ƙuraishawa ba ne. Hakan bai hana wasu al'ummu tsayar da nasu shugaban ba. Mubaya'ar da aka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Gudu a 1804 a matsayin Sarkin Musulmi ta ginu ne a kan wannan fiƙihu na imamanci.

Da ƙarfin Usmaniyya ya fara raguwa sai suka ƙara riƙe laƙabin. A yarjejeniyar da suka yi da Rasha a 1774, sultan ya rasa Kirimiya amma aka amince masa da shugabancin addini a kan Musulminta. Tsarin mulkin 1876 ya ambaci sultan a matsayin halifa, Abdulhamid na Biyu kuwa ya mai da wannan ginshiƙin siyasarsa, har ya shimfiɗa layin dogo na Hijaz da gudummawar Musulmin ƙasashe da dama, layin ya isa Madina a 1908. Amma kiran jihadin da aka yi a 1914 bai tayar da Musulmin da ke ƙarƙashin Ingila da Faransa ba, Sharif Husaini na Makka ma ya yi tawaye a 1916.

Bayan shan kayen Usmaniyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisar Ankara ƙarƙashin Mustafa Kamal ta soke sarautar sultan a ranar 1 ga Nuwamba 1922, ta kuma zaɓi Abdulmajid na Biyu halifa ba tare da ikon mulki ba. Musulmin Indiya sun yi shekaru suna fafutukar kare muƙamin, sai dai shugabannin jamhuriyar Turkiyya da aka kafa a 1923 sun ɗauke shi a matsayin matattarar masu adawa da su. A ranar 3 ga Maris 1924 majalisar ta soke halifanci, aka fitar da Abdulmajid da dukan zuriyar sarakunan Usmaniyya daga ƙasar. Sharif Husaini ya yi iƙirarin muƙamin cikin 'yan kwanaki, amma kafin ƙarshen shekarar Ibn Sa'ud ya karɓe Makka. Malaman Azhar sun kira taro a Alƙahira a watan Mayun 1926, ana ganin Sarki Fu'ad na Masar yana da sha'awar kujerar, amma mahalarta suka watse ba tare da sun naɗa kowa ba.