Tambaya kan gudun ƙwayoyin gas, da yadda ake warware ta

Ga tambayar. An cika wata silinda da iskar oksijin aka rufe ta, zafin da ke ciki digiri 27 ne a ma'aunin Salshiyos. Nauyin mol ɗaya na oksijin giram 32 ne, a ɗauki R = 8.314 J/(mol·K).

(a) Nemo gudun v_rms na ƙwayoyin oksijin ɗin.
(b) Zuwa digiri nawa za a ɗaga zafin kafin wannan gudun ya ninka sau biyu?
(c) Da a ce haidirojin ne a cikin silindar, mai nauyin giram 2 a kowane mol, zafin kuma bai canja ba, nawa gudun zai kasance?

To kafin mu taɓa kalkuleta bari mu san me ake nema tukuna, don da yawa fomular kawai suke haddacewa, in aka ɗan juya tambayar sai ka ga ido ya raina fata. Ƙwayoyin gas ba gudu ɗaya suke yi ba, wata na sheƙawa wata na jan ƙafa, suna ta karo da juna da bangon silindar, wadda take gudu yanzu anjima ta bugu da wata ta rage. Shi ya sa ake buƙatar lamba ɗaya da za ta wakilce su, ita ce v_rms. Yadda ake samun ta shi ne ka ninka gudun kowace ƙwaya da kansa, ka haɗa su duka ka raba da yawansu, sannan ka ɗauki sukwaya rut na abin da ya fito. Misali ƙwayoyi uku kacal, masu gudun 300 da 400 da 500 m/s. In ka ninka kowanne da kansa za ka samu 90000 da 160000 da 250000, jimla 500000, raba uku ya ba ka wajen 166667, rut ɗinsa kuma 408 m/s. Amma da matsakaici na yau da kullum ka nema 400 za ka samu. Kun ga ba abu ɗaya ba ne, v_rms kan ɗan ɗara matsakaicin saboda ninkawar nan tana ƙara wa masu gudu sosai ƙarfi a lissafin.

Fomular kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Matsin da gas ke yi a jikin bango daga bugun ƙwayoyin yake zuwa, in aka lissafa shi aka gwama da dokar gas sai a samu haka:

```
PV = (1/3) N m v_rms²
PV = nRT
v_rms = √(3RT / M)
```

P matsi ne, V girman cikin silindar, T zafi, N yawan ƙwayoyi, m nauyin ƙwaya ɗaya, n kuma yawan mol; M ɗin nan nauyin mol ɗaya ne, tunda N m daidai yake da n M.

Sashe na (a). Abu biyu za ka gyara kafin ka zuba lamba ko ɗaya, kuma wallahi nan ne maki yake zubewa ba a wajen lissafin ba. Zafi dole ya koma Kelbin, nauyi kuma dole ya koma kilogiram, saboda R da jul aka auna shi, jul kuma da kilogiram yake tafiya ba giram ba.

```
T = 27 + 273 = 300 K
M = 0.032 kg/mol
3RT = 3 × 8.314 × 300 = 7482.6
7482.6 / 0.032 = 233831
v_rms = √233831 ≈ 484 m/s
```

Amsa: kusan mita 484 a daƙiƙa ɗaya. In ka mai da shi kilomita a awa ya haura 1700, ya ma fi gudun sauti a iska wanda yake wajen 343 m/s a digiri 20. Ku riƙe wannan a ka don ku riƙa gane amsar banza tun kafin ku miƙa takarda. Wanda ya manta ya bar 32 yadda yake, 15.3 m/s zai gani a kalkuletarsa, gudun da ko mota a cikin gari tana yi, ai ka san da sake. Wanda kuma ya saka 27 a madadin 300 zai samu 145 m/s, kuma ni a ganina wannan kuskuren ya fi haɗari, don lambar ta yi kama da ta gaskiya, mutum sai ya ja mata layi biyu ya wuce hankalinsa kwance.

Sashe na (b). Nan ba sai ka sake dogon lissafi ba. R bai canja ba, M bai canja ba, saboda haka gudun yana bin rut ɗin T ne kawai. Kana son gudu ya ninka biyu, to abin da ke ƙarƙashin rut sai ya ninka huɗu.

```
v2 / v1 = √(T2 / T1) = 2
T2 = 4 × 300 = 1200 K
1200 − 273 = 927 °C
```

Amsa 1200 K, wato digiri 927 a Salshiyos, gudun kuma ya zama wajen 967 m/s. Na sha ganin 54 a takardun ɗalibai, wai an ninka 27 sau biyu, wasu ma da suka tuna da huɗun sai su rubuta 108. Duk biyun babu. Digiri 54 ai 327 K ne, ƙarin da zai yi wa gudun bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Sifirin Salshiyos wurin da ruwa yake daskarewa ne kawai, ƙwayoyin oksijin a wannan zafin suna nan suna gudunsu sama da 450 m/s, to ta yaya za ka yi ninki da ma'aunin da bai fara daga tushe ba?

Sashe na (c), shi ma gajeriyar hanya ce. Zafi ɗaya ne, bambancin a nauyi yake, kuma M a ƙasa yake cikin fomular don haka mara nauyi shi ya fi gudu.

```
v(H2) / v(O2) = √(32 / 2) = 4
v(H2) = 4 × 483.6 ≈ 1934 m/s
```

Lura a nan ban mai da giram zuwa kilogiram ba kuma babu laifi, tunda rabawa ake yi ma'aunin sama ya cinye na ƙasa. In ba ka yarda ba raba 7482.6 da 0.002, za ka samu 3741300, rut ɗinsa 1934 ɗin dai. Na yi amfani da 483.6 maimakon 484 ne don kar guntun da aka cike ya ninku sau huɗu ya ba ka 1936.

Wani zai ce to haidirojin ya fi kuzari kenan tunda ya fi gudu? A'a. Matsakaicin kuzarin tafiyar kowace ƙwaya (3/2)kT ne, babu nauyi a ciki sam, k kuma shi ne lambar Boltzmann, 1.38 × 10⁻²³ J/K. A 300 K ya kama 6.21 × 10⁻²¹ J, ko oksijin ko haidirojin. Gwada da kanka: raba 0.032 da lambar Avogadro, 6.02 × 10²³, ƙwayar oksijin ɗaya ta zama wajen 5.3 × 10⁻²⁶ kg, ninka da 233831 ka raba biyu, 6.2 × 10⁻²¹ J za ka gani. Ƙwayar haidirojin ta gaza ta oksijin da ninki 16 a nauyi amma v² ɗinta ya fi da ninki 16, sai aka tashi canjaras.

Na gwaji, a yi shi ba tare da leƙa na sama ba: naitirojin mai nauyin giram 28 a kowane mol yana digiri 127 a Salshiyos, nemo v_rms ɗinsa. Wanda ya bi daidai zai samu kusan 597 m/s, wanda ya ga 336 kuma ya koma ya duba T ɗinsa.